Bashin da darakta ya ba kamfaninsa, an biya rabi

Tambaya: "Ni darakta ne a ɗan kamfaninmu a Garwa. Na ranta wa kamfanin sefa miliyan 5 ba ruwa, yanzu an mayar mini da miliyan 2. Yaya za a rubuta wannan, kuma akwai haraji a kai?"

Alhaji, wannan kuɗi bashi ne a wuyan kamfani, ba ya shiga jari, ba ya shiga ciniki. A tsarin lissafin OHADA, wato ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka, wanda Kamaru da Chadi ke bi, idan kana da hannun jari, ana buɗe maka asusu na musamman mai lamba 462 a littafin lissafin kamfani. Ran da miliyan 5 ta shiga banki, a rubuta ta a asusun da sunanka. Da aka biya ka miliyan 2, sai a rage ta daga nan, saura miliyan 3 da kake bin kamfanin. Kada akanta ya sa biyan cikin kuɗin kashewa, domin hakan zai rage ribar kamfani a takarda ba bisa gaskiya ba.

Uwar kuɗinka ce ta dawo, don haka ba albashi ba ce, ba rabon riba ba ce, babu harajin samu a kanta. Amma jami'in haraji takarda yake gani, ba ya aiki da "ai mun san juna". Ku rubuta yarjejeniya mai kwanan wata, a faɗi adadin, a faɗi cewa ba ruwa, sauran masu hannun jari su sani, kuma kowane biya ya bi ta banki.

Wurin da ake faɗawa rami shi ne ɗiban kuɗi kaɗan-kaɗan, yau na mai, gobe na makarantar yara, har a wuce miliyan 3 ɗin ba a lura ba. Daga nan kamfani ne ke bin ka, kuma dokar OHADA ta hana manajan kamfanin SARL, wato kamfanin da asarar masu shi ba ta wuce jarin da suka zuba ba, cin bashi daga kamfaninsa. Ka riƙa neman ragowar asusun a rubuce duk ƙarshen wata.