Hukuncin sayar da abincin da kwanan watansa ya wuce

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da butiki a nan Tawa. A farkon watan Maris na fiddo kaya daga baya, sai na tarar da karton biyu na makaroni an rubuta musu 12/2024, karton guda na tumatirin gwangwani an rubuta 02/2025, ga kuma yawut a firigo da ya rage masa kwana huɗu, amma kuran ya ɗauke mana wuni da kwana. Maƙwabcina ya ce duk haramun ne, in zubar. Wani ya ce in goge kwanan watan in sayar, ai ba abin da zai faru. Ko kuwa in yi sadaka da su? Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa kasuwa albarka. Su biyun da suka ba ka shawara, kowa ya kauce, sai dai na biyun ya fi nisa.

Asalin abinci mai tsarki halal ne, ba ya haramta sai da dalili, kuma dalilin a nan shi ne cutarwa, saboda hadisin "la darara wa la dirar", wato ba cuta ba cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Lambobin da ke jikin gwangwani ba nassi ba ne. Labari ne daga masu sana'ar, kuma shari'a tana karɓar maganar masana a fanninsu. Don haka sai an san abin da suke nufi kafin a yanke hukunci, kuma ba abu ɗaya suke nufi ba. Ka ba ni lambobi kawai, ɗan'uwa, alhali hukuncin yana cikin kalmomin da ke gabansu.

Rubutu iri biyu ne. Na farko da Faransanci shi ne À consommer de préférence avant, a kan kayan da ke shigowa ta Ƙonni daga Nijeriya kuma Best before ko BB. Ma'anarsa: kamfani ya ɗauki alkawarin cewa ɗanɗano da ƙamshi da launi za su tsaya daidai har wannan lokaci. Bayansa abin yana iya rage daɗi, biskit ya yi laushi, mai ya fara ɗan wari, amma ba a ce ya zama guba ba. Shi ake sa wa busassun kaya da na gwangwani. In an rubuta avant fin da wata da shekara kawai, to har ƙarshen watan ne, kenan 12/2024 ya kai 31 ga Disamba. Na biyu shi ne À consommer jusqu'au, ko Use by. Wannan iyaka ce ta lafiya, ana sa ta ga abin da ke saurin lalacewa kamar yawut da ɗanyen nama da ke cikin leda. Abin da aka rubuta wa EXP ka ɗauke shi a wannan sahu, ya fi tsantseni. Ka kuma kula kada ka ɗauki ranar da aka yi kaya, wadda ake rubuta wa MFD ko PROD ko FAB, a matsayin ranar ƙarewa. Na ga wanda ya mayar da sabuwar madara ga mai shago yana faɗa, ashe ranar haɗa ta ya karanta.

Makaroninka na sahun farko ne. Busasshen abu ne, wata biyu ko uku bayan kwanan watan ba su canza shi, in dai leda ba ta huje ba, laima ba ta taɓa shi ba. Ka buɗe guda daga kowane karton, ka duba ko akwai ƙwari ko garin da suke bari a ƙasan leda, ka shinshina ko akwai warin ruma. In lafiya lau yake, cinsa halal ne, zubar da shi kuma ɓarnar dukiya ce da aka hana.

Tumatirin ma haka, amma a nan gwangwanin ya fi lambar magana. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda murfinsa ya kumbura, ko ka danna ya lotsa ya dawo, ko yake yoyo, ko tsatsa ta ci bakinsa, ko ya lauye daidai wurin haɗi, wannan ka zubar ko da saura masa shekara biyu a rubuce. Kumburi alama ce cewa wani abu yana fidda iska a ciki, kuma cikin ƙwayoyin cutar da ke rayuwa inda ba iska akwai mai haifar da guba da ke shanye jiki har ta tsayar da numfashi. Kada a ɗanɗana don gwaji, kada a ba dabba. Ka tuna kuma cewa alkawarin kamfani yana da sharaɗi: a ajiye a wuri mai sanyi, marar laima. Kayan da suka yi bazarar Tawa ƙarƙashin kwano, inda zafi ke haura digiri 40, sun tsufa fiye da abin da takarda ta nuna.

Yawut ɗin shi ne abin tsoro, duk da shi kaɗai ne kwanansa bai cika ba. Kwanakin nan huɗu an lissafa su ne bisa cewa yana zaune cikin sanyin da aka rubuta a jikinsa, galibi bai wuce digiri 6 ba. Wuni da kwana ba kuran, sharaɗin ya faɗi, lambar ta faɗi tare da shi. Wani zai ce ai a hadisin Abu Sa'alaba da ke Sahihu Muslim an halatta cin farautar da aka tsinta bayan kwana uku matuƙar ba ta yi wari ba, to mu ma hanci ya ishe mu. Amsa ita ce hadisin ya rataya hukunci ga alamar lalacewa, kuma wari alama ɗaya ce. Masana lafiya sun tabbatar cewa akwai ƙwayoyin cuta da ke yaɗuwa cikin kayan madara da nama ba tare da sun canza wari ko ɗanɗano ba, kuma sun fi yi wa mai ciki da ƙaramin yaro da tsoho illa. Inda zato ya rinjaya cewa akwai cutarwa, bai halatta ka sayar ba, bai halatta ka bayar ba. Madarar jarirai ma, ko da busasshiya ce, kada a ƙetare kwanan watanta, domin ita kaɗai ce abincin yaron.

Batun gogewa kuwa haramun ne ba tare da saɓani ba, ko da abin da ke ciki lafiyayye ne. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa hannunsa cikin tarin abinci ya ji laima a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Risala ma ta jera ɓoye aibi cikin abin da bai halatta a ciniki ba. Wucewar kwanan wata abu ne da ke rage kuɗin kaya a idon mai saye, don haka dole a faɗa. Ka ware makaronin da tumatirin da suka tsira, ka gaya wa mai saye da bakinka, musamman wanda bai iya karatun boko ba ko yaron da aka aiko, ku daidaita a kan farashi. Wanda ka riga ka sayar wa ba ka faɗa ba, yana da haƙƙin mayarwa ya karɓi kuɗinsa. In kuma hukuma ta hana ajiye irin waɗannan kaya a shago, to ka bi dokar, ka kai su gida.

Sadaka da su ta halatta da ma'auni guda: abin da za ka dafa wa iyalinka. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana nufin mummuna don ciyarwa. Makaronin da ka duba ka yarda da shi, ka ba almajirai ko maƙwabta, ka gaya musu su dafa da wuri. Yawut ɗin da kumburarrun gwangwanaye ka zubar inda yara ba za su tsinta ba.

Wallahu a'alam.