Toshewa ko takurewa: yadda ake raba ciwon huhu obstraktib da ristriktib

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, ni ɗalibar aikin jinya ce. Obstraktib da ristriktib sun hana ni sakat, na haddace tebur ɗin amma da an ba ni takardar gwaji sai in ga FVC ya sauka a duka biyun, sai kaina ya ɗaure. Kuma ta ya za a ce kwamfilayans ya ƙaru a emfisima alhali huhun ya lalace? Don Allah a warware min.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki ajiye tebur ɗin nan tukuna, ki ɗauki huhu a matsayin abu mai roba a jikinsa. Shaƙar numfashi aiki ne, tsoka ce ke ja ta buɗe ƙirji. Amma fitar da shi idan mutum yana zaune lafiya ba ya cin ƙarfin komai, robar huhun ce ke komawa da kanta ta koro iskar waje. To mai obstraktib, wato ciwon toshewa, iska tana shiga amma fitarta ce wahala. Mai ristriktib, ciwon takurewa, hanyarsa a buɗe take, huhun ne ya ƙi buɗewa ya ɗauki iska yadda ya kamata. Duk sauran lambobin daga nan suka fito.

Bari in fara da kwamfilayans tunda shi ya fi ɗaure miki kai. Matsalar ita ce kina jin kalmar kamar yabo ce, kamar in ya yi yawa huhu ya samu lafiya kenan. Ba haka ba ne. Abin da yake aunawa kawai shi ne sauƙin miƙuwa, iska nawa ta shiga idan aka ja huhun da ƙarfi kaza:

```
C = ΔV / ΔP
```

A lafiyayyen babba, huhu shi kaɗai yana bada kusan 200 mL/cmH2O. Kin san robar wando da ta sha wanki har ta saki? Da yatsa ɗaya za ki ja ta ta miƙe, amma sake ta ki gani, ba ta komawa. Emfisima kenan. Hayaƙin taba ya jawo kumburi, sinadaran da ƙwayoyin kumburin ke fitarwa suka cinye zaren robar da ke bangon ƙananan buhunan iska, sai huhun ya zama mai saurin miƙuwa mara ƙarfin dawowa. Kwamfilayans ya hau, ƙarfin komawa ya faɗi, kullum kishiyoyin juna ne su biyun. Faiburosis kuma akasin haka, tabo ne ya mamaye naman huhun ya yi tauri kamar sabuwar roba mai kauri, sai kin yi da gaske take miƙuwa kaɗan, kina saki ta koma da ƙarfi. Misali in aka ja da 5 cmH2O, lafiyayyen huhu zai ɗauki kamar lita 1, mai emfisima ya wuce haka, mai faiburosis ƙila ko rabin lita bai kai ba.

Akwai wani abu da ɗalibai ke tsallakewa, kuma a ganina shi ne mabuɗin duka. Ƙananan hanyoyin iska na can ciki ba su da guringuntsi a bangonsu, naman huhun da ke kewaye da su ne yake riƙe su a buɗe, yana jansu ta ko'ina kamar igiyoyin tanti. A emfisima igiyoyin sun tsinke, don haka da mutum ya matsa zai fitar da numfashi sai hanyoyin su lotse su rufe tun iskar ba ta gama fita ba, ta maƙale a ciki. Shi ya sa za ki ga mara lafiyan yana tsuke baki yana hura iska a hankali kamar mai busa wa shayi, babu wanda ya koya masa, jikinsa ne ya gano cewa hakan na hana hanyoyin rufewa da wuri. A faiburosis kuwa igiyoyin sun ƙara tsauri, suna jan hanyoyin su buɗe fiye da yadda girman huhun ya kamata ya bayar, shi ya sa 'yar iskar da ke ciki take fita da gudu.

Yanzu mu zo kan takardar gwaji. Ga mutum biyu da na tsara miki a matsayin misali, duka maza, shekara 62, tsayinsu ɗaya, kuma lissafi ya nuna lafiyayye irinsu ya kamata ya hura FVC lita 4.0, FEV1 lita 3.0. FVC shi ne duk iskar da ya iya hurowa da ƙarfi bayan ya cika ƙirji, FEV1 kuma abin da ya fito a daƙiƙar farko kawai. Su biyun sun zo da haki in sun hau bene, su biyun kuma FVC ɗinsu 2.6. In a nan kika tsaya to tagwaye ne, kuma nan ne kike maƙalewa.

Na farko ya shekara arba'in yana shan taba. FEV1 ɗinsa 1.2. Raba 1.2 da 2.6, kin samu 0.46, wato ko rabin iskar bai fitar ba a daƙiƙar farko, in kina tsaye kusa da shi za ki ga yana ta hurawa fuska ta kumbura, daƙiƙa goma sha wani abu iska na ta tsiyayowa kaɗan-kaɗan. An shaƙa masa salbutamol aka jira minti 15 aka sake, abin bai wani motsa ba. FEV1/FVC ƙasa da 0.70 bayan maganin buɗe hanya, ga tarihin taba, ga alamomi, COPD kenan, ciwon toshewar huhu na dindindin da emfisima ke cikinsa. Na biyu bai taɓa shan taba ba, busasshen tari yake yi, yatsunsa sun fara kumburin kai, in kika ɗora abin sauraro a ƙasan bayansa za ki ji ƙaras-ƙaras siriri a ƙarshen shaƙa. FEV1 ɗinsa 2.3, raba da 2.6, 0.88. Fuf ɗaya ya yi kusan komai ya fito, cikin daƙiƙa biyu-uku ya gama.

To me ya saukar da FVC ɗin na farko tunda huhunsa ba ƙarami ba ne? Nan sai an auna iskar da sipirometa, na'urar da suka hura a ciki, ba ta gani. Duk yadda mutum ya kai ga hurawa akwai ragowar da ba ta fita, ita ce RV, in kika haɗa ta da wadda ke iya fita kin samu TLC, cikar huhu gaba ɗaya. An sa su a akwatin gilashin nan da ake rufe mutum ciki yana haki a bututu. Ana sa ran TLC lita 6.3, RV 2.3. Na farko TLC ya fito 7.6, RV 4.6, ninki biyu na abin da ya kamata. Kin ga huhunsa ya ma fi na lafiyayye girma, amma kashi 60 cikin ɗari na abin da ke ciki tsohuwar iska ce da ta ƙi fita, ita ta cinye wurin. Shi ya sa ƙirjinsa ya zama kamar ganga, a hoto kuma tantanin da ke ƙarƙashin huhu ya baje maimakon ya yi tudu. Wani ƙarin abu, da aka ce ya hura a hankali ba da ƙarfi ba sai ya fitar da lita 3.0, ya fi 2.6 ɗin can, don matsawar da kanta ce ke rufe masa hanya. Na biyu TLC 4.0, RV 1.4, komai ya ƙanƙance tare. Wannan shi ne takurewa ta gaskiya, TLC ƙasa da kashi 80 cikin ɗari na abin da ake sa rai.

Don haka ki riƙe wannan da kyau: sipirometa kaɗai tana iya tabbatar da toshewa, amma takurewa zarginta kawai take iya yi, sai TLC ya tabbatar. Kuma kafin ki zargi huhu ki fara zargin hurawar. Wallahi da yawa daga takardun da ake rubuta wa ristriktib, mutumin ne bai cika ƙirji ba kafin ya hura, ko ya tsaya da wuri, ko iska na zurarewa ta gefen baki. Wanda ya katse hurawa FVC ɗinsa zai fito ƙarami, rabon kuma ya fito da kyau na ƙarya, har ya ɓoye toshewar da ke akwai. Shi ya sa ake so a samu hurawa mai kyau aƙalla sau uku, manyan biyun kada su bambanta da fiye da 150 mL. Shi ma 0.70 ɗin ba ayar da ba ta canzawa ba ce, rabon yana sauka da shekaru, tsoho lafiyayye na iya faɗowa ƙasa da shi kaɗan, matashi mai asma kuma ya tsaya sama da shi alhali yana da toshewa.

Inda tebur ɗinku yake yaudara shi ne wurin da ya rubuta obstraktib kwamfilayans sama, ristriktib ƙasa, shi kenan. Emfisima ce ke ɗaga shi. A asma naman huhun lafiyarsa lau, hanyoyin ne suka tsuke saboda tsokarsu ta matse, bangonsu ya kumbura, ga majina, don haka robar ba ta wani canza ba, kuma da an ba da salbutamol FEV1 kan tashi sosai, ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne ƙarin kashi 12 cikin ɗari tare da 200 mL. Tsakanin tashin ciwon ma gwajin na iya fitowa ƙalau. Tari mai majina na dindindin irin na masu shan taba da buronkiyektasis, inda bututun iskar ke lalacewa su yi faɗi su tara majina, su ma toshewa ne, amma daga cikin bututun matsalar take.

Ɓangaren takurewa ma gida biyu ne. Akwai wadda ke cikin naman huhun, kamar faiburosis da ba a san sanadinsa ba, ko na ƙurar asbestos da ƙurar dutse, ko wanda magunguna irin su amiyodaron da biliyomaisin ke jawowa. Akwai kuma wadda huhun ba shi da laifi, kejin da yake ciki ne ya matse shi ko masu jansa suka gaza: ƙiba mai tsanani, karkacewar ƙashin baya, ruwa a kewayen huhu, raunin tsoka irin na mayasteniya. Abin da ke taimakawa wajen raba su shi ne DLCO, gwajin yadda iska ke ratsawa daga buhunan zuwa jini. A faiburosis yana faɗuwa sosai don bangon ya yi kauri, a matsalar keji kuwa yawanci yana nan daidai ko kusa da daidai. Gwajin nan yana raba emfisima da asma ma, a emfisima ya sauka saboda bangon buhunan ya rushe, a asma yana nan lafiya.

Raunin tsoka ki sa masa ido, don yana da wata 'yar dabara: TLC ya sauka saboda ba ƙarfin shaƙa, amma RV na iya hawa saboda ba ƙarfin matso iskar waje, in ba ki lura ba sai ki ɗauka maƙalewar iska ce irin ta toshewa. Kwantar da shi rigingine ki sake aunawa, in tantanin numfashinsa ne ya yi rauni za ki ga FVC ya faɗi sosai fiye da na zaune.

Kuma mutum ɗaya na iya haɗa biyun, huhun da tarin fuka ya bar wa tabo yakan yi haka, haka ma mai COPD da ke da ƙiba sosai. A takardarsa za ki ga FEV1/FVC ƙasa da 0.70 kuma TLC ma ya sauka, ba kuskuren na'ura ba ne, ki rubuta duka biyun.