Yadda za ka gano sana'ar da unguwarku take buƙata

"Ina da ɗan jari amma kowace sana'a na duba a Tudun Wada an riga an cika ta, ya zan gano abin da babu?"

Ɗan'uwa ka ajiye maganar jarin tukuna, ka samu littafi da biro ka zaga unguwarku kwana 7, da sassafe da kuma bayan la'asar. Zauna teburin mai shayi, tsaya wurin masu ɗiban ruwa a borehol, duk ƙorafin da ka ji ka rubuta da sunan layin. Wanda ya fito daga bakin gida 5 daban-daban shi za ka ja wa layi.

Amma ka tambaya nawa suke kashewa a kan matsalar yanzu, don kukan wuta da kwata kowa na yi kuma ba mai biyan ko sisi. Ni a layinmu ƙorafin niƙa ne ya yi ta dawowa, mata suna tura yara har bakin titi da robar markaɗe, in ba wuta sai a biya ɗan acaba zuwa wata unguwa. Kuɗin mashin ɗin nan da na ji suna biya kullum shi ya sa na sayi injin markaɗe mai amfani da fetur.