Yadda Za Ka Musanya Abu a Hoto Kuma Ka Iya Dawo da Na Asali

Tambaya: Malam, na sauya kwalbar turare da wata a hoton talla a Photoshop, bayan mako guda mai kayan ya ce in dawo da ta farko, sai na tarar babu hali. Yaya zan kauce wa wannan a gaba?

Amsa: Malam, abin da ya faru shi ne ka dogara da History, wato jerin matakan da ka bi a aikin, wanda yake ɓacewa da zarar an rufe fayil, kuma mai yiwuwa ka goge tsohuwar kwalbar a kan hoton asali kai tsaye. Gyaran yana farawa ne daga barin hoton asali a leyarsa ta ƙasa, a kulle, ba tare da an taɓa shi ba.

Ka buɗe sabuwar leya wadda babu komai a cikinta a samansa, ka ɗauki Clone Stamp, wato kayan aikin da ke kwafo wani ɓangare na hoto zuwa wani wuri, ka sa Sample a kan Current & Below, sannan ka rufe tsohuwar kwalbar da launin teburin da bangon da ke kewaye da ita. Kwalbar tana nan a ƙasa, lulluɓe ta kawai aka yi, kuma kashe alamar idon da ke gefen wannan leyar zai fito da ita.

Sabuwar kwalbar kuwa, ka shigo da ita ta File > Place Embedded, domin ta zo a matsayin Smart Object. Amfaninsa shi ne yana riƙe da cikakken hoton a cikinsa, saboda haka ko ka rage girmanta zuwa rabi, ka sake ƙara shi washegari, ba za ta dusashe ba. Wajen cire farin bangon da ta zo da shi, kada ka kusanci Eraser. Ka sa mata Layer Mask, inda fenti baƙi yake ɓoyewa, fari kuma yake bayyanawa. Idan hannunka ya zarce ka cinye gefen murfin, sai ka danna X, launin ya koma fari, ka shafa wurin ya dawo.

Inuwar kwalbar ma ta samu leyarta daban. Ka haɗa leyoyin ukun da Ctrl+G, ta yadda danna ido guda zai mayar da hoton yadda yake tun farko.

Akwai tarko guda da ya taɓa kama ni. Na kwafi Smart Object da Ctrl+J don in gwada wata kwalba, na yi Replace Contents a kan kwafin don in musanya hoton da ke cikinsa, sai na ga duka biyun sun sauya, domin ciki ɗaya suke amfani da shi. New Smart Object via Copy ne yake ba da kwafi mai zaman kansa. Bayan musanyar, ka sake duba Layer Mask ɗin, domin yana nan da siffar tsohuwar kwalbar.

Ka ajiye aikin a PSD, ka fitar wa mai kaya JPEG daban, domin JPEG yana narkar da leyoyin duka su zama ɗaya.