Tambayoyinku kan Fasaha: Saƙon Murya Ba Yarjejeniya Ba Ne

Tambaya: Malam, ni kafinta ne. Wani mai makaranta ya ba ni aikin kujerun ɗalibai guda 120. Mun gama magana a WhatsApp, yawanci ta saƙon murya, ya ce zai turo kafin alƙalami. Wannan ya wadatar, ko sai mun rubuta takarda? Ba ni da kwamfuta.

Amsa: Bai wadatar ba, Malam, kuma wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai riƙe wayar da ta fi kwamfutar ofis ta zamanin baya ƙarfi, amma ya jingina jarinsa gaba ɗaya da saƙon murya na minti huɗu da aka yi a bakin titi, rabinsa ƙarar mota. Ranar da rigima ta tashi, wa zai zauna ya saurari saƙonni tamanin yana neman inda aka ce katakon mai kauri ne?

Ko saƙon rubutu ma ba ya zama daram. WhatsApp yana ba mai saƙo minti 15 ya gyara abin da ya rubuta, yana kuma ba shi wajen kwana biyu ya goge shi daga wayarka da tasa. Idan kuwa an kunna Disappearing messages a hirar, saƙonnin za su ɓace da kansu bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90, gwargwadon yadda aka saita. Ba sai mutum ya yi niyyar cuta ba. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, hira ta tafi.

Wayarka ta isa. Buɗe Google Docs ka rubuta shafi ɗaya, da harshen da ku biyun kuke ji sosai. A sama ka sa kwanan wata, cikakken sunanka da nasa, da lambobin waya. Sai bayanin kaya, kuma nan ne ake yin kasala. "Kujeru 120 masu kyau" ba bayani ba ne. Rubuta tsawo da faɗi da lamba, irin katako da kaurinsa, launin fenti, da ko ƙafafun ƙarfe ne. Al'adata, wadda nake tilasta wa duk wanda ya nemi shawarata, ita ce a fara yin guda ɗaya a matsayin samfuri, mai oda ya gani ya zauna a kai, a ɗauki hotonta ta gaba da ta gefe a saka cikin takardar. Daga nan sauran 119 da ita za a auna su.

Yanzu kafin alƙalami. Kada ka ce rabi don kawai ka ji ana cewa rabi. Zauna ka lissafa katako, ƙusa, gam, fenti da kuɗin ɗauko su. Mu ce sun ci kashi 55 cikin 100 na jimillar kuɗin aikin. Idan ka karɓi kashi 30, kai ne za ka ciro sauran 25 daga aljihunka ka sayi kayan wani, kuma in ya fasa, ka tashi da kujerun yara 120 da ba kowa zai saya ba. A irin wannan lissafi ka nemi kashi 60 a farko, kashi 25 idan ya zo ya ga guda 60 a kammale, cikon kashi 15 ranar ɗaukar kaya, kafin a loda su a mota. A takardar ka rubuta ainihin adadin kuɗin kowane zango da lamba da kuma kalmomi, tare da lambar asusun da za a biya, don kada gobe a ce an tura wani wuri.

Wa'adi kuma kada ka ɗaure shi da ranar wata kai tsaye. Rubuta haka: "Za a kammala aiki cikin kwana 30 daga ranar da kafin alƙalami ya shiga asusun mai aiki." In ba haka ba, zai yi jinkirin mako biyu bai biya ba, sannan ya tsare ka da ranar da kuka ambata tun farko.

Layin da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda kowa ke jin nauyin rubutawa: me zai faru da kuɗin idan an fasa? Ga yadda nake so a sa shi: "Idan mai oda ya fasa kafin a sayi kayan aiki, za a mayar masa da kuɗinsa duka. Idan ya fasa bayan an saya, za a cire abin da aka kashe bisa rasit da ladan aikin da aka riga aka yi, a mayar masa da ragowar cikin kwana 14. Idan mai aiki ne ya wuce wa'adi da kwana 14 ba tare da amincewar mai oda ba, mai oda yana da damar fasawa ya karɓi kuɗin abin da ba a kammala ba." Ka lura ya ɗaure ka kamar yadda ya ɗaure shi, shi ya sa mai oda zai sa hannu da daɗin rai. Yana nufin kuma dole ka riƙa ɗaukar hoton kowane rasit ranar da ka yi sayayya. Ƙara layi ɗaya cewa duk canjin launi, girma ko adadi sai an rubuta shi tare da sabon kuɗi da sabon wa'adi, ku biyun kun amince.

In ka gama rubutun a Google Docs, taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka shiga Share & export, sai Save as, ka zaɓi PDF. Ku buga kwafi biyu, ku sa hannu tare da shaida ɗaya daga kowane ɓangare. Idan kuɗin ya kai wanda asararsa za ta durƙusar da kai, kai wa lauya shafin ya duba kafin a sa hannu.

Tambaya: Ni tela ce. Kwastomata tana nesa, ba za mu haɗu mu sa hannu ba. Ya zan yi?

Amsa: Hajiya, tura mata PDF ɗin ta buɗe da Adobe Acrobat Reader, ta shiga Fill & Sign ta sa hannu da yatsa. In iPhone gare ta, Markup zai yi. Ta dawo miki da shi, ke ma ki sa naki, sannan ki aika mata kwafin ƙarshe ta imel domin ya zauna da ranarsa a wurin ku biyun.

Tambaya: Mai oda ya turo min hoton shaidar biyan kafin alƙalami, amma ban ga alat ba. In sayi kaya?

Amsa: A'a. Hoton rasit ana haɗa shi cikin minti biyu, saƙon alat ma ana ƙirƙirar na bogi. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin a cikin asusunka da idonka. Sai sun shiga za ka fara ƙirga kwanakin wa'adi.

Tambaya: Mun rubuta tamu da biro. Na ɗauki hoto na tura, amma rubutun ya dushe ba ya karantuwa.

Amsa: WhatsApp yana matse hoto idan ka tura shi a matsayin hoto. Yi amfani da Scan da ke cikin Google Drive, zai mayar da takardar PDF, sannan ka tura ta ta hanyar Document. Ka shimfiɗa takardar a wuri mai haske, kuma ka goge gilashin kyamarar tukuna.