Kada a auna gola da ragar da ba ta motsa ba

“Golanmu ya yi wasa 12 ba a zura masa ƙwallo ba. Ba shi ne gwanin kakar bana ba?”

Malam, rabin wannan yabon na 'yan baya ne. Golan da garkuwarsa ke da ƙarfi zai iya gama minti 90 bai ƙazantar da safar hannu ba.

Ni abin da nake dubawa shi ne PSxG, wato awon yiwuwar kowane harbi da ya nufi raga ya zama ƙwallo, daga 0 zuwa 1, bayan an ga inda ya dosa. Wanda aka dirka a kusurwar sama yakan kai 0.8, mai rarrafowa zuwa ƙirjin gola kuwa 0.05.

Mu ƙaddara awon duk harbin da gola ya fuskanta a kaka ya tara 40, aka ci shi 33. Ya hana ƙwallo 7 ke nan. Wani kuma nasa 20 ne, aka ci shi 24: ragarsa ta fi tsabta, amma ya yi asarar 4.

Sai dai awon ba ya ganin kurosin da gola ya fito ya cafke, kuma kaka ɗaya ta yi kaɗan a yanke hukunci. Duba biyu ko uku.