Man Motoci Yana Ƙaruwa, Aiki Bai Ƙaru Ba

Tambaya: Motoci shida nake da su na rarraba kaya. Kuɗin mai sai hawa yake kowane wata, alhali tafiye-tafiyen ba su ƙaru ba. Direbobi suna cike littafin tafiya, gidan mai kuma yana aiko min da takardar biya. Ta ina zan gane inda man yake zurarewa?

Amsa: Alhaji, ka daina duba jimillar kuɗi, domin farashi yana canzawa. Lita za ka bi, mota ɗaya bayan ɗaya.

Fara da sanin ainihin shan kowace mota. A cika tanki taf, ka karanta mitar kilomita da idonka, motar ta yi aikinta na yau da kullum da wanda ka amince da shi a ciki, sannan a sake cikawa taf. Raba kilomitar da ta yi da litar cikawa ta biyu. A maimaita sau uku a ɗauki matsakaici. Adadin da kamfanin ƙera mota ya rubuta ba zai yi maka amfani ba, don ba da lodinka aka auna shi ba.

A ce mota ta ba da kilomita 9 a lita. Farkon wata mita tana 84,200, ƙarshen wata 87,800, wato ta yi kilomita 3,600, man da ya kamata ta sha lita 400 ke nan. Littafin direba ya nuna 455, takardar gidan mai ta ce 470. Giɓi biyu ne a nan, kuma kowanne da mai shi.

Lita 15 da ke tsakanin takarda da littafi maganar gidan mai ce. Jera rasit kusa da littafi, rana da rana, lambar mota da lambar mota. Nemi rasit da aka saka sau biyu, ko wanda ya faɗo ranar da motar take gareji, ko wanda ya ce lita 82 a tankin da ba ya ɗaukar fiye da 70. Layin da ba shi da sa hannun direba, kada a biya sai an warware.

Lita 55 da ta rage ita ta fi wuya, kuma a nan ake yawan zaluntar direba. Shan motar ya koma kusan kilomita 7.9 a lita, amma taya mara iska, toshewar filtar iska, nozul da ya lalace, birki mai kamawa ko barin inji a kunne wajen sauke kaya duk suna jawo haka. Lissafa shan kowace cikawa daban. Lalacewa takan sauko a hankali ta zauna, sata kuwa tsalle take yi: wannan cikawa 9, ta gaba 6.5, sannan 9 kuma. Idan shakka ta rage, musanya direbobi na wata guda ka ga ko giɓin ya bi mota ko ya bi mutum.

Duba kuma cewa lambar mita ta rufewa jiya a littafin tafiya ita ce ta buɗewa yau. In akwai tazara, an yi tafiyar da ba a rubuta ba. Mitar da ta mutu a gyara ta kafin a tuhumi kowa, kuma in ba a cika tanki a farko da ƙarshen wata ba, ragowar man da ke ciki kaɗai zai iya karkatar da lissafin da lita talatin ko fiye.